Yadda Ake Rubuta Saƙo Bayan Intabiyun da Kiran Bidiyo Ya Yi Ta Yankewa

Yanzu kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa ba sa kiran mai neman aiki ofis a zagayen farko. Sai dai su turo masa mahaɗin Google Meet ko Zoom, ya shiga da wayarsa daga ɗaki. Idan sabis ya yi kyau, shi ke nan. Idan kuwa ya ƙi, minti talatin ɗin da aka ware sai ya ƙare a kan "Kuna ji na?" da "Yi haƙuri, ka ɗan yanke."

Abin da yawancin matasa ke yi bayan irin wannan kira bai wuce biyu ba. Wani ya yi shiru ya fawwala wa Allah, wani kuma ya tura dogon saƙon ban haƙuri yana zagin sabis. Duka biyun ba sa taɓa ainihin ɓarnar da aka yi, wato masu intabiyu za su zauna su ba da maki a kan abin da ya shiga kunnensu, ba a kan abin da ya fito daga bakin mai neman aiki ba. Aikin saƙon da za a tura bayan kira shi ne ya cike wannan giɓi: ya gano amsoshin da suka faɗi a hanya, ya mayar da su a rubuce, a gajarce.

Don a ga yadda ake yi, wannan darasi zai bi misalin wata matashiya a Zariya da ta koyi haɗa manhajar Android da kanta. Ta nemi aiki a wani ƙaramin kamfani a Abuja mai yi wa 'yan kasuwa manhajar lissafi. An sa mata intabiyu ranar Talata daga ƙarfe 11:00 zuwa 11:30 na safe a Google Meet, tare da mutum biyu: wata Hajiya mai kula da ɗaukar ma'aikata, da babban injiniyan kamfanin.

Dalilin da ya sa mai magana ba ya sanin muryarsa ta ɓace

Kafin a zo kan rubutu, ya kamata a fahimci yadda kiran bidiyo yake tafiya, domin daga nan ne wahalar take.

Idan mutum yana sauke fayil sai sabis ya ɗan tsaya, babu abin da ke ɓacewa. Wayar tana sake neman guntun da bai iso ba, fayil ɗin ya kammala daidai, jinkiri kawai ake samu. Kiran kai tsaye ba haka yake ba. Ana yanyanka murya ƙanana-ƙanana ana turawa nan take, kuma guntun da ya makara ba shi da sauran amfani, saboda hira ta riga ta wuce wurin. Don haka manhajar ba ta tsayawa dogon jira. Idan abin da ya ɓace kaɗan ne, takan yi ƙoƙarin toshe ramin, shi ya sa ake jin muryar mutum ta koma kamar ta mutum-mutumi. Idan ya yi yawa, sai shiru, kuma waɗannan kalmomi sun tafi ke nan har abada.

Abu na biyu shi ne hoton da mutum yake gani na kansa a kusurwar sikirin. Wannan hoto daga kyamarar wayarsa yake fitowa kai tsaye, bai je intanet ya dawo ba. Ko da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, zai ci gaba da ganin kansa yana motsi yana magana lafiya ƙalau, alhali a can ɗaya ɓangaren fuskarsa ta daskare tun tuni.

Abu na uku, hanyar intanet biyu ce: ta saukewa da ta aikawa. Muryar masu intabiyu tana zuwa ta hanyar saukewa, muryar mai neman aiki tana fita ta hanyar aikawa. A datar waya, ta aikawa ce galibi ta fi rauni, domin ƙarfin da ƙaramar waya ke da shi na tura sigina zuwa hasumiyar sabis bai kai ƙarfin hasumiyar ba, musamman a cikin ɗaki mai kaurin bango. Shi ya sa mutum zai iya jin su sarai, su kuma ba sa jin sa ko kaɗan.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa uku, sakamakon ɗaya ne: mai neman aiki zai iya ba da amsar da ta fi kowace kyau a intabiyun, ya gama yana jin daɗi, ba tare da ya san rabinta bai isa ba. Cikin daƙiƙa ashirin mutum yakan faɗi jimla uku ko huɗu, kuma sau da yawa waɗannan jimloli su ne zuciyar amsar.

Mataki na farko: a gano abin da ya ɓace kafin a manta

Da zarar an kashe kira, kafin a kira aboki a ba shi labari, sai a ɗauki takarda ko a buɗe wurin rubutu a waya, a jera duk tambayoyin da aka yi bi da bi. Wannan aiki na minti goma ne, amma dole a yi shi nan take, don bayan awa biyu tambayoyin sun fara cakuɗewa a kai.

A gaban kowace tambaya sai mutum ya tambayi kansa: me suka yi bayan na gama amsawa? Martaninsu shi ne shaida mafi ƙarfi. Idan sun ɗauki wani abu daga cikin amsar suka gina sabuwar tambaya a kai, to amsar ta isa. Idan suka ce "to, madalla" kawai suka tsallake zuwa wani batu, akwai shakka. Idan suka tambayi abin da aka riga aka faɗa, ko suka taƙaita amsar ta hanyar da ba ta dace da abin da aka ce ba, to babu shakka wani yanki ya faɗi.

Wayar ma tana ba da tata shaidar. Zoom yakan rubuta "Your Internet connection is unstable" a sikirin, WhatsApp kuma yakan nuna "Reconnecting". Duk tambayar da ake kai lokacin da wannan rubutu ya fito, a sa mata alama. Sannan a duba jerin kiran da suka shigo. A wayar da ba ta amfani da VoLTE, idan kiran waya na yau da kullum ya shigo, wayar kan sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G don ta karɓe shi, kuma wannan saukar kaɗai ta isa ta tsinke bidiyo ko da ba a ɗauka ba. Jerin kiran zai nuna daidai mintin da abin ya faru.

Ga abin da matashiyar Zariya ta samu da ta zauna ta jera nata.

Tambaya ta farko, ta gabatar da kanta. Hajiya ta tambaye ta ƙarin bayani a kan inda ta koyi aikin, ke nan ta ji. Wannan ta isa.

Tambaya ta biyu, manhajar da ta taɓa haɗawa. Tana cikin bayani kira ya shigo da ƙarfe 11:09, ta fita daga taron kusan minti biyu. Da ta dawo, injiniyan ya ce a wuce gaba saboda lokaci. Ta san ta faɗi sunan manhajar da abin da take yi, amma ba ta da tabbacin sun ji cewa akwai shaguna uku da ke amfani da ita.

Tambaya ta uku, babban kuskuren da ta taɓa yi a aiki. Ta ba da labarin yadda manhajarta ta riƙa rubuta ciniki ɗaya sau biyu, sannan ta bayyana yadda ta gyara. Da ta gama, injiniyan ya ce, "To, a ƙarshe dai lissafin mai shagon ya lalace ke nan?" Ta fara amsawa, hoto ya sake daskarewa.

Tambaya ta huɗu, yadda take aiki da wasu. Sun yi dariya a daidai wurin da ya kamata a yi dariya. Ta isa.

Tambaya ta biyar, ko za ta iya komawa Abuja. Ta ce, "Ba ni da matsala da komawa Abuja." Hajiya ta amsa da cewa, "To, mun gane, amma gaskiya wannan aikin na ofis ne." Wannan amsa ba ta yi daidai da abin da aka faɗa ba. Idan kalmomi biyu na farko suka yanke, abin da ya rage shi ne "da matsala da komawa Abuja", wato kishiyar maganarta sak.

Mataki na biyu: a zaɓi biyu ko uku kawai

Ba duk abin da ya yanke ne ya cancanci shiga saƙo ba. Wanda ya sake rubuta intabiyun daga farko zuwa ƙarshe ya ɗora wa mai karatu aikin nemo muhimmin a cikin tarkace, kuma mai karatun yana da wasu masu neman aiki a gabansa. Don haka ana jera ramukan ne gwargwadon ɓarnar da suka yi.

Mafi haɗari shi ne yankewar da ta juya ma'ana. Maganar Abuja ita ce misali. Muddin Hajiya ta rubuta a takardarta cewa wannan ba za ta iya zuwa ofis ba, to ko sauran amsoshin sun yi kyau za a ajiye sunanta gefe, kuma ba wanda zai kira ya gaya mata dalili. Irin wannan ya shafi duk wata magana mai lamba ko mai "e" da "a'a": ranar fara aiki, albashi, shekarun ƙwarewa, ko an gama bautar ƙasa ko ba a gama ba. "Dubu ɗari da hamsin" idan tsakiyarta ta faɗi sai ta koma "dubu hamsin".

Na biyu a haɗari shi ne labarin da aka ji rabinsa. Masu intabiyu ba sa tambayar kuskure don su ji kuskuren, suna so ne su ji yadda aka gano shi aka gyara. A nan sun ji matsalar, ba su ji maganin ba. A idonsu ta tsaya a matsayin wadda ta ɓata wa ɗan kasuwa lissafi.

Na uku shi ne hujjar da ta ɓace, kamar maganar shaguna uku. Rashinta bai juya ma'ana ba, amma ya rage nauyin amsar, domin akwai bambanci babba tsakanin manhajar gwaji da wadda mutane ke amfani da ita kullum.

Duk abin da ya saura bayan waɗannan, a bar shi. Gaisuwar da ta yanke, ko misalin da aka ji kashi uku cikin huɗu nasa, ba su kai a ɓata layi a kansu ba.

Mataki na uku: ginin saƙon

Ga irin saƙon da ake yawan turawa cikin ɓacin rai:

"Salam. Don Allah ku yi haƙuri da abin da ya faru ɗazu, wallahi ba laifina ba ne, sabis ɗin unguwarmu ne haka yake kullum, ga shi an ɗauke wuta tun jiya. Na san ban yi ƙoƙari ba amma wallahi na iya aikin. Don Allah ku taimaka ku sake ba ni dama."

Wannan saƙo ya yi ɓarna uku. Ya gaya wa kamfani cewa sabis ɗin mai shi "haka yake kullum", maganar da za ta iya zama dalilin ƙin ɗaukarsa. Ya yanke wa kansa hukuncin cewa bai yi ƙoƙari ba, alhali ba wanda ya ce haka. Sannan bai mayar da ko kalma ɗaya daga cikin abin da ya ɓace ba, don haka mai karatu ya gama bai ƙaru da komai ba.

Saƙo mai amfani yana da sassa huɗu. Godiya a jimla ɗaya, tare da sunan aikin da ranar intabiyun. Ambaton yankewar a jimla ɗaya, ba tare da dogon dalili ba. Sai amsoshin, kowace da tambayar da ta haifar da ita a gabanta. Sai rufewa da tayin gajeren kira idan suna buƙata. Ga yadda matashiyar ta rubuta nata:

"Assalamu alaikum Hajiya, assalamu alaikum Injiniya. Barkanku da yamma.

Na gode da lokacin da kuka ba ni yau Talata a kan aikin haɗa manhajar Android. Kiran ya yanke sau uku daga ɓangarena, ina neman afuwa. Akwai wurare uku da nake jin maganata ba ta iso gare ku cikakkiya ba, shi ya sa na rubuto su.

1. Komawa Abuja: a shirye nake in koma in yi aiki a ofis. Zan iya farawa mako biyu bayan an ba ni takardar ɗauka.

2. Kuskuren rubuta ciniki sau biyu: yana faruwa ne idan sabis ya yanke bayan an karɓi cinikin amma kafin amsa ta dawo wa wayar, sai wayar ta sake turawa. Na gyara ta hanyar ba kowane ciniki lambar UUID tun a waya, idan lambar ta sake zuwa ba a rubuta ta. Na bi ciniki 14 da suka ninku na cire su, lissafin mai shagon ya dawo daidai. Wata huɗu ke nan abin bai sake faruwa ba.

3. Manhajar shago: shaguna uku a Zariya suna amfani da ita kullum. Tana ajiye ciniki a waya da SQLite, don haka tana aiki ko babu intanet. Ga mahaɗin bidiyon minti ɗaya da ke nuna yadda take aiki.

Idan kuna so in ƙara bayani a kan ɗaya daga ciki, zan ji daɗin kiran murya na minti goma a duk lokacin da ya yi muku.

Na gode ƙwarai."

A ƙarshe ta sa cikakken sunanta kamar yadda yake a takardar neman aikin, da lambar wayarta.

Abin lura a cikin wannan saƙo

Ba ta bi jerin yadda aka yi tambayoyin ba. Maganar Abuja ita ce ta ƙarshe a intabiyu, amma ita ta sa a farko, domin ita ce za ta iya fitar da ita daga layi. Mai karatu a waya yakan karanta layukan farko da kyau, sauran ya bi su da gudu, don haka abin da ya fi haɗari shi ke hawa sama.

Ba ta maimaita jimlar da ta jawo rikicin ba. Maimakon "ba ni da matsala", ta ce "a shirye nake in koma". Magana mai tabbatarwa ba ta da wurin da za a yanke ta juya. Wannan darasi ne ma ga kiran gaba: a kan layi mai rawa, gara a ce "zan iya" da a ce "ba zan kasa ba".

Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta. Sau da yawa wanda zai yanke hukunci bai halarci kiran ba, tura masa saƙon za a yi. Da ta rubuta "game da abin da Injiniya ya tambaya ɗazu", wannan mutum na uku ba zai gane komai ba. Kalmomi biyu ko uku na kan magana a gaban kowace amsa sun magance wannan.

Ta ce "daga ɓangarena" sau ɗaya ta wuce. Ba ta ambaci sunan kamfanin sadarwa ba, ba ta kawo maganar wuta ba. Idan kuwa mutum bai tabbata daga wane ɓangare matsalar take ba, sai ya ce "kiran ya yanke" kawai. Ko da ya san nasu sabis ɗin ne ya yi rauni, ba a saƙon neman aiki ake tabbatar da wannan ba.

Sannan abin da ta rubuta shi ne abin da ta faɗa a kira. Wannan wuri ne da mutane ke zamewa. Akwai wanda aka yi masa tambaya bai san amsa ba, sai ya je ya bincika, ya rubuto amsa mai kyau ya ce sabis ne ya cinye ta. Masu intabiyu sun san wuraren da murya ta yanke da wuraren da mutum ya yi ta inda-inda suna jin sa sarai. Idan suka kama wannan a amsa ɗaya, sauran biyun na gaskiya ma sun rasa daraja. Wanda ya tuna wani abu bayan kira yana iya ƙara shi, amma ya raba shi daban ya kira shi da sunansa: "Wannan ban faɗe shi a kira ba, daga baya na tuna." Bidiyon da matashiyar ta haɗa ba sabuwar amsa ba ce, hujja ce ta abin da ta riga ta faɗa, shi ya sa ya dace.

Game da harshe, ana rubuta saƙon da harshen da aka yi intabiyun. Idan da Turanci aka yi, da Turanci za a rubuta, amma sassan huɗun ba sa canzawa. Tsawonsa kuma kada ya wuce abin da mutum zai karanta a waya cikin minti ɗaya, wato kalmomi ɗari biyu ko abin da ya yi kusa da haka.

Yaushe za a tura, kuma ta ina?

A tura a ranar, cikin awa biyu zuwa huɗu idan zai yiwu, kada dai ya wuce safiyar washegari. Dalili shi ne masu intabiyu kan rubuta ra'ayinsu jim kaɗan bayan kira, wani lokaci su zauna su kwatanta masu nema a ƙarshen ranar. Saƙon da ya iso bayan kwana uku zai iya tarar da an riga an rufe magana. Idan dare ya yi kafin a gama rubutawa, Gmail yana da Schedule send, sai a sa shi ya fita da ƙarfe 8:00 na safe maimakon ya shiga wayar mutum tsakar dare.

Hanya mafi kyau ita ce wadda aka turo gayyatar intabiyun ta cikinta. Idan ta imel ce, a buɗe wannan imel ɗin a amsa a kansa, kada a fara sabo. Haka saƙon zai zauna a ƙarƙashin gayyatar, mai karatu ya gane wane ne nan take. Idan sunayen masu intabiyun duka suna cikin gayyatar, a danna Reply all don injiniyan ma ya gani, tunda amsa ta biyu tasa ce. Amma a fara duba jerin sunayen, domin idan gayyata ce da aka tura wa masu nema da yawa lokaci ɗaya, Reply all zai kai saƙon ga abokan takara.

Idan ta WhatsApp aka yi duk maganar, ba laifi a tura ta nan, amma a rubuce, kuma a dunƙule cikin saƙo ɗaya. Saƙon murya bai dace ba a nan. Ba a iya duba shi da ido a tsinci abin da ake nema, yana da wuyar turawa ga shugaba, kuma wanda yake cikin ofis zai iya barinsa sai an jima ya manta. Kada kuma a nemo lambar wayar injiniyan ta bayan fage a tura masa, idan ba shi ya bayar ba.

Duk mahaɗin da aka sa a ciki, a gwada shi kafin a tura. Fayil ɗin Google Drive yakan kasance a kulle ga mai shi kaɗai sai an canza shi zuwa "Anyone with the link". Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a tura wa ɗan uwa ya buɗe a tasa wayar. Saƙon da aka rubuta don gyara matsalar sadarwa bai kamata ya zo da mahaɗin da ba ya buɗewa ba.

Lokacin da saƙo kaɗai bai isa ba

Akwai iyaka ga abin da rubutu zai iya gyarawa. Idan ramukan sun wuce uku, ko kuma fiye da rabin lokacin ya tafi a kan yankewa, to ba a yi intabiyun ba tukuna. A nan sai saƙon ya canza siffa: a kawo muhimmin batu ɗaya kawai, sannan a nemi a sake zama, a ba da lokuta biyu takamaimai, a kuma faɗi abin da zai bambanta wannan karon. Misali: "Zan iya ranar Laraba da ƙarfe 10:00 ko Alhamis da ƙarfe 2:00, daga wurin da na gwada intanet ɗinsa." Wannan ya fi "duk lokacin da kuka ga dama" sauƙin amsawa.

Wanda ya yi wannan alkawari kuma sai ya cika shi. A je wurin da za a zauna tun kafin ranar, a daidai irin lokacin, a buɗe fast.com, a danna "Show more info" a duba lambar da ke ƙarƙashin Upload, don ita ce ke ɗaukar murya da hoto zuwa can. Bisa ƙa'idar da Zoom ya bayar, kiran bidiyo tsakanin mutum biyu yana buƙatar kimanin 600 kbps, na 720p kuma 1.2 Mbps, alhali murya kaɗai 60 zuwa 80 kbps ta ishe ta. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa kashe kyamara yake ceton kira: murya ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na abin da bidiyo ke nema ba. Don haka da zarar an ji "ka yanke" karo na biyu, sai a nemi izini a kashe kyamara, maimakon a jira karo na uku. Idan akwai waya ta biyu ko na'urar intanet ta tafi-da-gidanka, a ɗauki data daga can, yadda kiran da ya shigo wayar hannu ba zai taɓa layin ba.

Bayan an tura saƙo, ba lallai a sami amsa ba, kuma shirun ba ya nufin ba a karanta ba. Idan sun faɗi ranar da za su sanar da sakamako, a jira ranar ta wuce. Idan ba su faɗa ba, bayan mako ɗaya ana iya tura tuni na layi biyu a kan wannan imel ɗin, sau ɗaya tak.

Saƙon ba ya ba da aiki, wataƙila akwai wanda ya fi cancanta a cikin masu nema. Abin da yake yi shi ne ya tabbatar an auna mutum a kan amsoshinsa na gaskiya. A misalin matashiyar Zariya, kafin ta tura, takardar Hajiya tana iya ɗauke da "ba za ta koma Abuja ba", ta injiniya kuma "ta lalata lissafi ba ta gyara ba". Bayan ta tura, waɗannan layuka biyu ba za su tsaya yadda suke ba, kuma minti arba'in kawai aikin ya ci mata, goma na jera tambayoyi, talatin na rubutu da gwada mahaɗi.